Kuɗin Sallama a Saudiyya: Yadda Ma'aikaci Ke Neman Lissafinsa a Rubuce

Kuɗin sallama haƙƙi ne da dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora wa duk mai kamfani ya biya ma'aikacinsa a ƙarshen aiki. Larabawa suna kiransa mukafa'ar ƙarshen hidima, ma'aikatan da suka fito daga Najeriya kuwa sun fi cewa garatuti. Baƙon ma'aikaci ba ya cikin tsarin fanshon ƙasar, saboda haka wannan kuɗi shi ne abu mafi tsoka da likita, ko nas, ko injiniya, ko direban kamfani zai riƙo a hannu ranar da zai dawo Kano ko Maraɗi. Dokar da ke aiki a yau an kafa ta ne a shekarar 2005, an kuma yi mata gyare-gyare da dama, ciki har da wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2025. Ta shafi ma'aikatan kamfanoni da asibitoci da makarantu masu zaman kansu. Waɗanda gwamnati ta ɗauka kai tsaye suna da nasu ƙa'idojin, haka ma masu aikin gida.

Abin da aka saba gani shi ne a kira ma'aikaci ofis ana saura kwana biyu ko uku ya tashi, a miƙa masa takarda da Larabci mai ɗauke da jimla guda, a nuna masa inda zai sa hannu. Jimla ita kaɗai ba ta nuna yadda aka same ta. Mai yiwuwa daidai ce, mai yiwuwa kuma an zaftare rabinta, kuma mutumin da ya riga ya ɗaure kayansa, tikiti na aljihunsa, ba shi da sararin tsayawa bincike. Maganin wannan shi ne a rubuta wa kamfani tun da wuri, a nemi ya fayyace lissafin dalla-dalla a takarda. Amma kafin a rubuta, sai an san abin da lissafin ya ginu a kai.

Yadda doka ta tsara lissafin

Sashe na 84 na dokar ya ce ana biyan albashin rabin wata a kan kowace shekara daga cikin shekaru biyar na farko, sannan albashin wata guda cikakke a kan kowace shekarar da ta biyo baya. Albashin ƙarshe da ma'aikaci yake karɓa shi ake ɗauka a yi lissafin duka shekarun da shi, ko da ya fara aikin da abin da bai kai rabinsa ba. Guntun shekara ma ba a zubar da shi. Wanda ya yi shekara shida da wata uku, ana ba shi rubu'in albashin wata a kan waɗannan watanni ukun.

Wannan shi ne cikakken haƙƙi, kuma shi ake biya idan wa'adin kwantiragi ya cika, ko kamfani ya sallami mutum ba da wani babban laifi ba. Idan kuwa ma'aikaci ne ya ajiye aiki don raɗin kansa, sashe na 85 ya rage masa. Wanda bai cika shekara biyu ba ba shi da komai. Daga shekara biyu zuwa biyar ana ba shi kashi ɗaya bisa uku. Wanda ya haura biyar bai kai goma ba yana samun biyu bisa uku, sai wanda ya cika goma ya karɓi duka. Akwai waɗanda ragin bai shafa ba. Macen da ta bar aiki cikin wata shida da ɗaura aurenta, ko cikin wata uku da haihuwarta, tana karɓar haƙƙinta cikakke, haka ma wanda wata larura da ta fi ƙarfinsa ta tilasta masa barin aiki. Sashe na 81 kuma ya ba ma'aikaci damar tafiya ba tare da ya yi asarar komai ba idan kamfani ne ya saɓa muhimman alƙawuran kwantiragi, kamar riƙe albashi, ko aka ci zarafinsa. A ɗaya ɓangaren, sashe na 80 ya lissafa laifuffukan da ake korar mutum a kansu ba ko sisi, irin su dukan shugaban aiki, da amfani da takardun jabu, da dogon fashin aiki ba uzuri bayan an yi gargaɗi a rubuce.

Daga nan za a ga cewa abubuwa huɗu ne ke haifar da jimlar: ranar fara aiki, ranar ƙarewarsa, albashin da aka yi lissafi da shi, da dalilin rabuwa. Duk wata taƙaddama a kan kuɗin sallama, idan aka bi diddiginta, a ɗaya daga cikin huɗun nan take, kuma biyun ƙarshe sun fi cinye kuɗi.

Batun albashi yana bukatar a tsaya a kansa. Takardar albashi a Saudiyya yawanci kashi-kashi take zuwa: ga asalin albashi, ga alawus na gida, ga na sufuri, wani lokaci da na abinci ko na yanayin aiki. Sashe na 2 ya bambanta asalin albashi da cikakken albashi, wato asalin haɗe da alawus-alawus da aka tsayar wa ma'aikaci, ya kuma bayyana cewa duk inda doka ta ce albashi kawai, cikakken take nufi. Ke nan kuɗin gida da na mota suna cikin lissafin sallama. Idan kamfani gida yake bayarwa maimakon kuɗi, kuma hakan na cikin kwantiragi, doka ta ƙiyasta irin wannan alfarma da abin da bai wuce asalin albashin wata biyu ba a shekara, sai dai in kwantiragi ya faɗi wani adadi. Abin da aka yarda a cire, bisa sashe na 86, shi ne kamasho da kason ciniki da makamantansu masu hawa da sauka, shi ma sai in an yi yarjejeniya a kan haka. Ruɗanin yakan zo ne daga maƙwabta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da asalin albashi kaɗai ake yi, kwana 21 a kowace shekara cikin biyar na farko, kwana 30 a kowace shekara bayan nan. Akawun da ya yi aiki a Dubai, ko ma'aikacin da ya ji labari daga abokinsa na can, yana iya ɗauka haka abin yake ko'ina.

Misali da alƙaluma

A ɗauki wani ma'aikacin lantarki a wani kamfanin gine-gine a Jidda. Ya fara aiki ranar 1 ga Yuni 2017, ana sabunta kwantiraginsa shekara-shekara, kuma na ƙarshe zai ƙare ranar 31 ga Mayu 2025. Asalin albashinsa riyal 4,000 ne, alawus na gida 1,000, na sufuri 400, jimla 5,400. Ya yanke shawarar komawa gida, ya kuma sanar da kamfani a kan lokaci cewa ba zai sabunta ba.

Shekarunsa takwas cif. Rabin albashinsa 2,700 ne, sau biyar ya ba da 13,500. Sauran shekaru ukun, 5,400 sau uku, 16,200 ke nan. Kuɗin sallamarsa ya kama riyal 29,700.

To sai a duba yadda wannan adadi ke narkewa. Idan aka yi lissafin da asalin albashi kaɗai, shekaru biyar na farko za su ba da 10,000, ukun baya 12,000, jimla 22,000. Ya yi asarar 7,700 ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. Idan kuma aka rubuta a fayil ɗinsa cewa murabus ya yi, sai a ba shi biyu bisa uku. A kan lissafin daidai wannan 19,800 ne, a kan gurɓataccen kuwa kimanin 14,667. Wato kurakurai biyu kacal sun mayar da 29,700 ƙasa da rabinsa, kuma a takardar da za a miƙa masa babu abin da zai gani sai 14,667 da layin sa hannu.

Kuskure na biyun ya fi zafi domin sau da yawa ma'aikacin ne ke jawo wa kansa da alƙalaminsa. Kwantiragin baƙon ma'aikaci a Saudiyya dole ya kasance mai wa'adi, kamar yadda sashe na 37 ya tanada. Wanda ya jira wa'adin ya cika, ya ce ba zai sabunta ba, bai yi murabus ba. Kwantiraginsa ne ya ƙare, kuma haƙƙinsa cikakke ne. Amma mutane da yawa sukan ɗauko samfurin takardar ajiye aiki su cike, ko a ba su fom a ofis mai ɗauke da kalmar istiƙala a samansa, su sa hannu suna ganin ai duk tafiya ce. A wajen lissafi, wannan kalma guda ta ci wa ma'aikacin lantarkin nan riyal 9,900. Saboda haka takardar sanarwa ta ce ƙarara ba za a sabunta kwantiragi ba idan wa'adinsa ya cika ranar kaza, kuma a aika ta cikin lokacin da kwantiragin ya gindaya, domin da yawa daga cikinsu suna sabunta kansu idan ba wanda ya yi magana kafin wata ɗaya ko biyu.

Akwai kuma batun kalanda, wanda ba kowa ke lura da shi ba. Sashe na 10 ya ce ana ƙirga wa'adi da kalandar Hijira, sai dai in kwantiragi ko ƙa'idar kamfani ta faɗi akasin haka. Yawancin kwantiragin kamfanoni a yau sun ambaci kalandar Miladiyya. Inda ba a ambata ba, shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka shekara takwas ta wannan ma'aikaci za ta zama takwas da kusan wata uku, ƙarin kimanin riyal 1,300. Kuɗin bai kai na sauran kurakuran ba, amma jimla guda a cikin wasiƙa ta isa a tambaye shi.

Ranar fara aiki ma takan motsa. Wani kamfanin yakan ƙirga daga ranar da aka fitar da iƙama, ko daga ƙarshen watannin gwaji, alhali ranar da mutum ya kama aiki ita ce abin lura, kuma watannin gwaji suna cikin hidima matuƙar an zarce da aikin. Idan an sayar da kamfani ko ya canza suna a tsakiyar zama, sashe na 18 ya ɗauki hidimar a matsayin wadda ba ta yanke ba. Abin da za a iya ragewa shi ne dogon hutun da ba albashi, domin sashe na 116 ya ɗauki kwantiragi a matsayin wanda aka dakatar a kwanakin da suka haura ashirin, sai in ɓangarorin biyu sun amince da wani abu dabam. Wanda ya taɓa zuwa gida jinyar mahaifi ya yi wata uku ba albashi, ya sa ran ganin wannan a lissafi.

Abin da wasiƙar za ta ƙunsa

Kafin a zauna rubutu, sai a tattara hujjoji. Na farko shi ne kwantiragin da aka yi wa rajista a dandalin Qiwa na Ma'aikatar Ƙwadago da Walwalar Jama'a, domin shi hukuma ke gani, kuma wani lokaci albashin da ke cikinsa ya saɓa da wanda ke takardar da aka sa wa hannu tun a gida. Sai takardun albashi na watannin ƙarshe, da bayanan asusun banki da ke nuna abin da ke shigowa, da duk wata takardar ƙarin albashi. Ma'aikatar tana da manhajar lissafin kuɗin sallama a shafinta, inda ake saka albashi da tsawon hidima da dalilin rabuwa ta fitar da adadi. Yana da kyau mutum ya yi lissafinsa da hannu sannan ya gwada da na manhajar, domin ya san abin da yake jira.

Wasiƙar da kanta gajera ce. Ana aika ta ga shugaban sashen kula da ma'aikata, a ba sashen kuɗi kwafi. Ta ɗauki kwanan wata, da cikakken suna kamar yadda yake a iƙama, da lambar iƙama, da lambar ma'aikaci. Daga nan sai mai rubutu ya faɗi abubuwan nan huɗu yadda ya san su, ya nemi kamfani ya tabbatar ko ya gyara. Hikimar faɗinsu ita ce, idan fayil ɗin kamfani ya saɓa da nasa, saɓanin zai fito tun da sauran lokaci. Ga yadda ta ma'aikacin lantarkin za ta kasance in an mayar da ita Hausa:

"Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tunatar da ku takardata ta ranar 25 ga Maris 2025, inda na sanar da ku cewa ba zan sabunta kwantiragina ba idan wa'adinsa ya cika ranar 31 ga Mayu 2025. Na kama aiki ranar 1 ga Yuni 2017, kuma albashina na ƙarshe riyal 5,400 ne, wato asali 4,000, gida 1,000, sufuri 400. Ina roƙon ku ba ni lissafin kuɗin sallamata a rubuce bisa sashe na 84 na dokar ƙwadago, tare da nuna ranar farawa da ta ƙarewa da kuka ɗauka, da kalandar da kuka bi, da albashin da kuka yi lissafi da shi, da dalilin ƙarewar aiki kamar yadda yake a fayil ɗina. Haka kuma ina roƙon ku nuna adadin kwanakin hutuna da suka rage da kuɗinsu, da albashin watan Mayu, da duk abin da za ku cire tare da dalilinsa, kowanne a layinsa. Zan ji daɗi in samu amsa kafin ranar 10 ga Mayu, domin in duba kafin ranar biya. Ina kuma neman takardar shaidar aiki da tikitin komawa gida. Na gode da kyakkyawan zaman da aka yi."

Babu zargi a ciki, babu barazanar kotu, babu tarihin ɓacin ran da aka sha a shekara takwas, kuma haka ya kamata. Wanda zai karanta ta ma'aikaci ne shi ma, kuma a mafi yawan lokuta kuskuren lissafi daga sakaci yake ko daga tsohon tsarin kwamfuta da ba wanda ya taɓa tuhuma. Wasiƙa mai ladabi da ta ambaci sashen doka daidai takan sa akawu ya sake duba aikinsa tun kafin ya amsa. Bayan haka, wasiƙar tana iya ƙarewa a gaban alƙali, kuma duk wata kalmar zafi da ke cikinta mai ita za ta cutar. Abu guda da za a kiyaye sosai shi ne kada kalmar murabus ko ajiye aiki ta shiga cikinta idan ba shi aka yi ba.

Ana iya tambaya ko ya dace mutum ya saka nasa adadin a wasiƙar farko. Abin da ya fi shi ne ya bari tukuna. Idan ya rubuta adadi kuma ya yi ƙasa da haƙƙinsa, ya ba kamfani abin kafa hujja. Akwai ma kamfanonin da ƙa'idarsu ta fi ta doka alheri, misali masu ba da wata guda tun daga shekarar farko, kuma doka ba ta hana ƙari ba, ragi ta hana. A bari su fito da nasu, sannan a gwada.

Sauran haƙƙoƙin da wasiƙar ta ambata ba sa cikin kuɗin sallama, amma tare ake biyansu, kuma cakuɗa su wuri guda shi ke ɓoye giɓi. Hutun shekara kwana 21 ne aƙalla, yana komawa 30 bayan shekara biyar a jere, kuma sashe na 111 ya wajabta biyan kwanakin da ba a ci ba. Idan ma'aikacin lantarkin yana da sauran kwana 18, albashinsa na yini riyal 180 ne, kuɗin hutunsa 3,240. Idan aka haɗa da albashin Mayu 5,400 da sallama 29,700, aka cire bashin riyal 2,000 da ya ci a kamfani, abin da zai shiga asusunsa 36,340 ne. Doka ta yarda a cire bashin da ya shafi aiki. Kuɗin iƙama da na lasisin aiki da na ɗauko ma'aikaci kuwa, sashe na 40 a wuyan kamfani ya ɗora su, tare da tikitin komawa bayan ƙarewar kwantiragi, don haka ganinsu a layin abin da aka cire alama ce ta matsala. Takardar shaidar aiki kyauta ce bisa sashe na 64, kuma ba a yarda a rubuta abin da zai ɓata wa mutum suna a cikinta ba.

Harshen wasiƙa Larabci ne, ko Larabci da Turanci gefe da gefe. Sashe na 9 ya sa Larabci shi ne abin dogaro a takardun aiki idan an sami saɓani tsakanin harsuna biyu. Wanda Larabcinsa na kasuwa ne ya nemi wanda ya iya ya rubuta masa, sannan wani dabam ya karanta masa abin da aka rubuta.

Aikawa da jiran amsa

Amfanin wasiƙa yana ga iya tabbatar da cewa ta isa. Idan da hannu aka kai, a tafi da kwafi biyu, a nemi wanda ya karɓa ya buga hatimi ya sa kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi. Idan ta imel ce, a aika daga adireshin mutum na kansa, ko a saka shi cikin masu karɓar kwafi, domin adireshin kamfani akan rufe shi ranar da aiki ya ƙare, duk abin da ke ciki ya tafi. Saƙon waya ga manaja yana iya taimakawa, amma bai kai imel ko takarda mai hatimi ƙarfi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wata guda ko fiye kafin ranar ƙarshe, lokacin da mutum yake shiga ofis kullum, yana iya leƙa akawu ya tambayi inda aka kwana.

Sashe na 88 ya ba kamfani mako guda daga ƙarewar aiki ya biya komai, mako biyu idan ma'aikaci ne ya kawo ƙarshen kwantiragin. Wannan wa'adin biya ne. Ranar amsa da aka sa a wasiƙa kuwa roƙo ne kawai, shi ya sa ake sa ta da tazara. Idan ta wuce shiru, sai a aika tunatarwa ta layi biyu da ta ambaci kwanan watan wasiƙar farko.

Idan amsa ta zo, a bi ta layi-layi da abubuwan nan huɗu. Akwai hanya mai sauƙi ta gano inda aka kauce. Adadin da ya zo daidai biyu bisa uku ko ɗaya bisa uku na abin da ake jira yana nuna an ɗauki rabuwar a matsayin murabus. Wanda ya ragu gwargwadon yadda asalin albashi ya gaza cikakke yana nuna an zubar da alawus. Ƙaramin giɓi na ɗaruruwan riyal yawanci daga kwanan wata yake. Wasiƙa ta biyu sai ta nufi wannan wuri kai tsaye: ga abin da kuka rubuta, ga abin da kwantiragi ko takardar albashi ta nuna, ga sashen doka, ga adadin da ya kamata. A nan ne ma'aikaci ke fito da nasa lissafin.

Sai batun takardar da ake kira mukhalasa, wadda a cikinta ma'aikaci ke shaida cewa ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa, ba ya bin kamfani komai. Sashe na 8 ya rushe duk wata yafiyar haƙƙi da aka sa ma'aikaci ya yi alhali kwantiragi na ci, amma wadda aka sa wa hannu bayan aiki ya ƙare hujja ce mai nauyi, kuma warware ta a kotu aiki ne ja. Ka'idar ita ce kada a sa hannu sai an ga lissafi an gamsu, kuma kuɗi sun shiga asusu. Alƙawarin cewa a sa hannu yau a ga kuɗi gobe, ko za a tura bayan an isa gida, shi ya fi komai jefa mutane cikin asara. Idan an biya wani ɓangare ana jayayya a kan saura, a rubuta da hannu kusa da sa hannun cewa an karɓi riyal kaza kawai, ana kuma riƙe da haƙƙin neman ragowar, sannan a ɗauki hoton takardar. Bizar fita ta ƙarshe takan ƙara matsin lamba, domin tana da wa'adi, kuma asusun banki yana ɗaure da iƙama. Zai fi kyau a kammala maganar kuɗi kafin a buga ta.

Idan wasiƙu ba su yi ba, matakin farko shi ne shigar da ƙorafi a sashen sulhu na Ma'aikatar Ƙwadago, wanda ake yi ta intanet. Sashen yana da kwanakin aiki 21 ya sasanta ɓangarorin. In an daidaita, a rubuta yarjejeniya da za a iya zartarwa. In ba a daidaita ba, sai a wuce kotun ƙwadago, wadda ta fara aiki ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a a ƙarshen 2018, ana kuma bin ƙarar ta dandalin Najiz. A duka matakan biyu, takardun da aka tara su ne jarin ma'aikaci: kwantiragi, shaidar albashi, sanarwar ƙin sabuntawa, wasiƙar neman lissafi, da amsar kamfani ko shaidar shirunsa. Amsar da kamfani ya rubuta da kansa tana da daraja ta musamman, domin ko adadin bai cika ba, ya riga ya amsa cewa ana binsa wani abu, ya kuma tabbatar da ranakun aiki. Kotu ba ta karɓar ƙara bayan wata 12 da ƙarewar aiki, sai da uzurin da ta gamsu da shi ko kuma in wanda ake ƙara ya amsa haƙƙin. Wanda dole ya bar ƙasar kafin a gama, ya ba wani amintacce ko lauya wakilci a hukumance tun yana can, domin yin haka daga gida ya fi wuya da tsada.

Masu aikin gida, wato direban gida, da mai aikatau, da mai dafa abinci, da mai kula da lambu, dokar ƙwadago ta cire su daga cikinta, kuma 'yan Najeriya da Nijar da yawa a wannan rukuni suke. Ƙa'idarsu dabam ce, kwantiraginsu ta dandalin Musaned yake bi, kuma abin da aka tanadar musu shi ne albashin wata guda idan sun cika shekara huɗu a jere a gida ɗaya. Lissafin sashe na 84 da na 85 bai hau kansu ba, don haka ambatonsu a wasiƙa zai raunana ta ne kawai. Abin da mai aikin gida zai nema a rubuce daga maigidansa shi ne tabbatar da ranar fara aiki, da albashin ƙarshe, da watannin da ba a biya ba idan akwai, da kuɗin sallamar idan shekarun sun cika. Ƙorafinsa ma a Ma'aikatar Ƙwadago yake farawa, kuma shaidar tura albashi ta banki ko ta asusun waya ta fi masa amfani a kan kuɗin da aka miƙa a hannu ba rasit.